Kwastoma ɗaya, adireshi uku a rumbun bayanai: ina matsalar take?

Nasiru:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wata manhaja da aka miƙa mini in riƙa kula da ita, ta wani shagon sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa da ke Kano. Wanda ya rubuta ta tun farko ya yi amfani da SQLite, kuma ya zuba komai a tebur guda mai suna `ciniki`, inda kowane layi yake ɗauke da lambar rasit, da rana, da sunan kwastoma, da lambar wayarsa, da adireshinsa, da sunan kayan da ya saya, da yawansu, da farashi. Idan mutum ya sayi kaya iri biyar a rasit ɗaya, layi biyar ake rubutawa, kuma a kowanne ana maimaita adireshin.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani kwastoma da ya tashi daga shagonsa na Ƙofar Ruwa ya koma Dawanau. An sanar da akawun shagon, ta kuma ce ta gyara, amma a makon jiya direba ya ɗauki kaya ya nufi Ƙofar Ruwa, domin abin da takardar kai kaya ta nuna ke nan. Da na duba sai na tarar mutumin yana da layi 63: guda 41 suna cewa Ƙofar Ruwa, 15 suna cewa Dawanau, sauran 7 kuma an rubuta "K/Ruwa". Mai shago yana ganin sakacin akawu ne. Ina so in sani ko gyaran na ma'aikata ne ko na tsarin teburin.

Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. A ganina wannan ba ya bukatar a rushe komai. Umarni ɗaya na `UPDATE` zai mayar da dukkan layukan mutumin zuwa Dawanau cikin ƙiftawar ido, sannan ka gyara manhajar ta yadda duk lokacin da aka canza adireshi za ta bi duk layukan ta canza su tare. Shagon da yake da layi dubu ashirin ko talatin ba banki ba ne, kuma sake gina tebur yana da nasa haɗarin.

Malama Hadiza:
Malam Nasiru, akawun ba ta da laifin da ake ɗora mata, domin teburin ne ya sa ta aikin da ba zai yiwu mutum ya yi daidai kullum ba. Gaskiyar da ake son adanawa guda ɗaya ce, wato inda shagon wannan mutumin yake a yanzu, amma an rubuta ta a wurare 63, kuma babu wani abu a cikin rumbun da ya san cewa waɗannan wuraren magana ɗaya suke yi. A idon SQLite kowane layi zaman kansa yake yi, saboda haka idan ɗaya ya ce Dawanau ɗaya ya ce Ƙofar Ruwa, ba a karya wata doka ba, ba kuma za a ga saƙon kuskure ba. Sai ranar da direba ya tsaya a ƙofar shagon da ke rufe ne za a sani.

Ina kuma zargin wani abu da ya kamata ka bincika. Yawancin manhajoji masu irin wannan tsari, idan akawu ta fara rubuta sunan kwastoma, sukan nemo layin farko da ya dace su cike mata waya da adireshi daga can. Idan babu `ORDER BY` a tambayar, rumbun bai yi alkawarin wane layi zai kawo ba, kuma a aikace sau da yawa mafi tsufa yake kawowa. Idan haka ne, to tsohon adireshin ba zaune yake kawai ba, haihuwa yake yi: kowane sabon rasit yana kwafo shi, ko da an riga an gyara wasu layukan. Duba ranakun layuka 41 ɗin nan, ka ga ko akwai waɗanda aka shigar bayan mutumin ya tashi.

Kafin a yi maganar gyara, a auna girman ɓarnar tukuna:

```sql
SELECT waya, COUNT(DISTINCT adireshi) AS yawa
FROM ciniki
GROUP BY waya
HAVING COUNT(DISTINCT adireshi) > 1;
```

Duk lambar wayar da ta fito a nan tana da adireshi fiye da ɗaya. Ka lura cewa `COUNT(DISTINCT ...)` ba ya ƙirga `NULL`, don haka wanda wasu layukansa ba su da adireshi sam ba zai bayyana ba idan sauran sun yi daidai da juna.

Nasiru:
Malama, zarginki ya tabbata. Daga cikin 41 ɗin, guda 9 an shigar da su ne bayan an riga an fara rubuta Dawanau, kuma tambayar da ke cike fom ɗin `LIMIT 1` kawai take da shi, babu `ORDER BY`. Na kuma gwada umarnin da kika bayar: cikin lambobin waya 380, guda 112 sun fito.

Sani:
Ni dai ban ga abin damuwa ba a maimaita adireshi a wannan zamani. A da ne wurin ajiya yake da tsada, shi ya sa aka koyar da mu raba tebur. Yanzu adireshi mai harafi hamsin ko an maimaita shi sau dubu ɗari bai wuce megabayit biyar ba, ko hoto ɗaya na waya yakan kai haka.

Malama Hadiza:
Lissafinka daidai ne, Malam Sani, amma ba wurin ajiya ne ya aika direba Ƙofar Ruwa ba. Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM da ya kawo tsarin rumbun bayanai na tebura a 1970, ya fayyace mataki na biyu da na uku na daidaita tsari, wato ƙa'idojin raba tebur don kowane bayani ya zauna a wuri ɗaya, a 1971, kuma babban abin da ya dame shi shi ne tangarɗar da ake samu wajen shigarwa da gyarawa da gogewa. Ta gyara mun riga mun gan ta. Sauran biyun ma suna nan a teburin Malam Nasiru. Idan wani sabon kwastoma ya zo ya ba da adireshinsa bai sayi komai ba tukuna, babu inda za a rubuta shi sai an ƙirƙiri rasit na bogi mai farashi sifili, wanda zai shiga lissafin ciniki ya ɓata ƙirgar rasit. Idan kuma mutum rasit ɗaya kawai yake da shi, aka soke cinikin aka goge layin, to sunansa da wayarsa da adireshinsa sun tafi tare da shi, alhali ba a yi niyyar manta shi ba.

Malam Bashir, shawararka za ta yi aiki ne kawai idan `WHERE` ɗinka ya iya kama dukkan layukan mutumin, shi kaɗai. Da me za ka kama su? Idan da suna ne, a kasuwa irin wannan za ka samu Alhaji Musa uku, kuma mutum ɗaya yana iya zama "Alh. Musa" a wani layi, "Alhaji Musa" a wani. Ka gyara na wani, ka bar nasa. Sannan dokar tana zaune ne a cikin manhajar, ba a cikin rumbun ba, don haka ranar da wani ya buɗe fayil ɗin da wata manhaja daban, ko aka shigo da bayanai daga Excel, ko aka ƙara sabon fom aka manta da ita, saɓanin zai dawo.

Hanyar da nake bi ita ce in ɗauki kowane ginshiƙi in tambayi kaina: wannan bayanin na wane ne? Yawan katan na layin kaya ne, domin sai ka san rasit ka kuma san kayan kafin ka san yawansu. Rana da kwastoma na rasit ne, ko wane kaya ke ciki, saboda haka maimaita su a layi biyar na rasit ɗaya ya saɓa wa mataki na biyu. Adireshi kuwa ba na rasit ba ne ma, na kwastoma ne, ta hanyar kwastoman ne kawai ya shafi rasit ɗin, kuma wannan shi ne abin da mataki na uku ya hana. Idan aka bi amsoshin, teburan da kansu suke fitowa:

```sql
CREATE TABLE kwastoma (
  lamba INTEGER PRIMARY KEY,
  suna TEXT NOT NULL,
  adireshi TEXT
);
CREATE TABLE rasit (
  lamba INTEGER PRIMARY KEY,
  kwastoma INTEGER NOT NULL REFERENCES kwastoma(lamba),
  rana TEXT NOT NULL
);
```

Sai tebur na uku na layukan kaya, wanda ke nuni zuwa `rasit`. Mutumin nan na Dawanau zai zama layi ɗaya tak a `kwastoma`, rasit ɗinsa duka suna riƙe da lambarsa kawai, kuma `JOIN` ne zai kawo adireshin a duk lokacin da aka buƙata. Adireshin yana iya zama kuskure, idan an rubuta kuskure, amma ba zai iya zama biyu ba.

Injiniya Lawal:
Malama Hadiza, na yarda da yawancin abin da kika faɗa, amma tsarin da kika zana zai haifar da wata matsala wadda na ga ta jawo rigima tsakanin wani mai shago da kwastomansa. A ce an gama rabawar, an sa Dawanau a layin mutumin. Bayan wata uku ya zo yana musun cewa kayan da aka ce an kai masa a bara ba su iso ba, mai shago ya ce a sake buga masa takardar kai kayan. `JOIN` zai kawo adireshin yanzu, takardar za ta ce an kai kaya Dawanau a lokacin da mutumin bai ma kama shago a can ba. Tsohon teburin, duk da aibinsa, ya riƙe gaskiyar wannan ranar. Haka nan `UPDATE` ɗin Malam Bashir zai shafe ta, kuma ba za ta dawo ba sai daga kwafin ajiya. Saboda haka ni ina ganin akwai inda daidaita tsari yake wuce gona da iri, dole a sassauta a maimaita adireshin a rasit.

Malama Hadiza:
Injiniya, gyaranka ya yi daidai, kuma `rasit` yana bukatar ƙarin ginshiƙi, a kira shi `inda_aka_kai`. Inda na saɓa da kai shi ne kiran wannan sassauci ko maimaici. Abu biyu ne daban suka yi kama a rubuce. Inda kwastoma yake a yanzu bayani ne game da kwastoma, yana canzawa, kuma wuri ɗaya ya kamata ya zauna. Inda aka kai kayan rasit mai lamba kaza bayani ne game da rasit ɗin, ya faru ya wuce, ba zai sake canzawa ba, kuma ajiye shi a `rasit` bai saɓa wa mataki na uku ba, domin sanin kwastoma kaɗai ba ya gaya maka inda aka kai wani kaya a bara. A lokacin buɗe rasit manhajar za ta kwafo adireshin yanzu zuwa `inda_aka_kai`, akawu ta canza idan mutumin ya ce a kai tasha ko shagon ƙaninsa, bayan an rufe rasit kuma ba a sake taɓa shi. Farashi ma haka yake: farashin katan na yau yana teburin kaya, farashin da aka sayar yana layin rasit, in ba haka ba duk ranar da kaya suka tashi cinikin bara zai tashi tare da su.

Babban aibin teburin `ciniki` shi ne ginshiƙi ɗaya yana yin ayyukan nan biyu. Akawu ta ɗauke shi a matsayin adireshin yanzu, shi ya sa ta koma baya ta gyara wasu, direba kuma yana ɗaukarsa a matsayin inda za a kai kaya. Wannan yana nufin ko tarihin da Injiniya yake son karewa ya riga ya gurɓace a wasu layukan, domin daga cikin 15 masu cewa Dawanau akwai yiwuwar wasu tsofaffi ne da aka gyara da hannu.

Injiniya Lawal:
Idan haka kike nufi, saɓanin da ke tsakaninmu na suna ne. Sai dai ni da zan fi son tebur na daban na adireshi, kowanne da ranar da ya fara aiki da ranar da ya daina, rasit kuma ya riƙe lambar adireshin maimakon rubutunsa. Ta haka kwastoma mai shago biyu ma ya samu wuri.

Malama Hadiza:
Wannan tsari yana da kyau ga mai rassa da yawa, amma yana da sharaɗi mai nauyi: ba a gyara layin adireshi, sai dai a rufe shi a buɗe sabo. Ranar da wani ya gyara layin kai tsaye, tsofaffin rasit duka sun canza, mun koma inda muka fito. Ga shago mai akawu biyu ina ganin kwafin rubutu ya fi aminci. Ban ce ra'ayinka kuskure ba ne, Malam Nasiru ne ya san ko kwastomominsa masu shago biyu suna da yawa.

Rabi:
Ku yi haƙuri in sa baki da nawa. A makarantar da nake aiki muna da irin wannan a Excel: adireshin uba yana layin kowane ɗalibi, kuma uba ɗaya yana iya samun 'ya'ya shida a makarantar. Mun raba zuwa shafi biyu, na iyaye da na ɗalibai, muka yi amfani da lambar waya a matsayin makulli, kuma abin ya yi mana sauƙi ƙwarai. Me zai hana Malam Nasiru ya yi haka, tunda ga lambobin wayar a teburinsa, ba sai ya ƙirƙiro wata lamba ba?

Mamman:
Hajiya Rabi, daga Maraɗi nake rubutowa, kuma zan ba ki dalili daga wajenmu. 'Yan kasuwarmu da ke saro kaya a Kano kusan kowa layi biyu yake riƙewa, na Nijar mai lamba 8 da ke farawa da +227, da na Najeriya mai lamba 11. Yau ya ba akawu wannan, gobe ya ba ta wancan, wata rana kuma ya ba da na yaron shagonsa. Idan waya ce makulli, mutum ɗaya ya zama kwastoma uku, bashinsa ya rabu gida uku. Akasin haka ma yana faruwa, wa da ƙani masu shaguna daban su ba da lamba ɗaya. Sannan layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan ƙwace ya sayar wa wani. Lambar da rumbu ya bayar da kansa ba ta da wata ma'ana a waje, shi ya sa babu abin da zai tilasta canza ta. A ajiye wayoyin a nasu teburin, kowace tana nuni zuwa kwastoma.

Wannan kuma yana nufin adadin 112 da Malam Nasiru ya samu ba cikakke ba ne. Wanda ya ba da adireshi ɗaya da layin Nijar, wani adireshin da layin Najeriya, bai fito a ciki ba.

Bashir:
Na ji hujjojin, kuma na janye maganar gyara tsofaffin layuka. Amma har yanzu babu wanda ya amsa tambayar da ta fi wuya: a cikin 112 ɗin nan, wane adireshi za a zuba a sabon teburin? Ni zan ɗauki na rasit mafi sabo a kowane hali, a wuce wurin. Kuma `JOIN` a kowane bincike ba zai rage wa manhajar sauri a tsohuwar kwamfutar shago ba?

Malama Hadiza:
Game da sauri, neman kwastoma ta lambarsa bincike ne ta babban makulli, kuma a tebur mai 'yan ɗaruruwan layuka ba abin da mutum zai lura da shi ba ne. Abin da ake mantawa shi ne fihirisa a kan `rasit(kwastoma)`, wanda SQLite ba ya yi da kansa, kuma shi ne zai taimaka idan ana neman dukkan rasit na mutum ɗaya.

Ɗaukar mafi sabo kuwa, labarin da ya buɗe wannan tattaunawa ya riga ya rushe shi, tunda rasit mafi sabo na mutumin Dawanau shi ne mai cewa Ƙofar Ruwa. A wasu kuma mafi sabon yana iya zama tashar mota da aka kai kaya sau ɗaya. Ina ba da shawarar a raba 112 ɗin kashi biyu. Kashi na farko su ne waɗanda bambancin na rubutu ne kawai, irin "Ƙofar Ruwa" da "Kofar Ruwa" da "K/Ruwa", ko tazara a ƙarshen layi. `TRIM` da `LOWER` za su rage su, amma a yi hankali, domin `LOWER` na SQLite haruffan boko marasa lanƙwasa kaɗai yake mayarwa ƙanana, ba ya taɓa Ƙ da Ɗ da Ɓ, sai an bi su da `REPLACE` ɗaya bayan ɗaya. Kashi na biyu su ne masu wurare biyu na gaske, kuma waɗannan babu umarnin da zai warware su. A buga jerin a takarda a zauna da direba da mai shago, waɗanda suka kasa tantancewa a kira su a waya.

Wajen ƙaura, a fara da kwafin fayil ɗin, kada a taɓa na ainihi. A zuba tsohon adireshin kowane rasit a `inda_aka_kai` yadda yake, ba tare da gyara ba. Za a iya cin karo da rasit ɗaya da layukansa suka saɓa wa juna, don haka a sake gudanar da tambayar farko da `GROUP BY` a kan lambar rasit kafin a zuba. Bayan an gama, jimillar kuɗin ciniki da yawan rasit a tsohon tsari da sabo dole su zo daidai, idan suka bambanta to `JOIN` ya ninka wasu layuka ko ya zubar da su. Abu na ƙarshe, SQLite ba ya tilasta `REFERENCES` sai an kunna shi a kowane haɗi:

```sql
PRAGMA foreign_keys = ON;
```

Idan ba a yi haka ba, za a iya goge kwastoma a bar rasit ɗinsa suna nuni zuwa lambar da babu kowa a kanta.

Injiniya Lawal:
Ƙari ɗaya, Malam Nasiru. Raba teburin ba zai hana akawu buɗe wa tsohon kwastoma sabon layi ba idan ta neme shi da wani rubutun ba ta gan shi ba, kuma daga nan adireshi biyu sun dawo ta wata ƙofar. Fom ɗin ya riƙa nuna mata masu kama da sunan ko wayar kafin ya yarda ta ƙara sabo. Sa `UNIQUE` a kan waya zai taimaka, amma zai ƙi wa da ƙanin da Mamman ya ambata, don haka ban tabbata ya dace da kasuwarku ba.

Nasiru:
Na gode muku duka. Na tace jerin kamar yadda Malama ta ce: 74 bambancin rubutu ne, 38 wurare ne daban, kuma daga cikinsu direba ya ce aƙalla 11 suna da shago biyu da suke karɓar kaya a dukkansu. Wannan ya sa na fara karkata ga teburin adireshi na Injiniya, tare da riƙe `inda_aka_kai` a matsayin rubutu. Abin da ban warware ba shi ne masu shago biyun da kowane shago yake da nasa bashin da nasa mai biya, duk da sunan mutum ɗaya ne a kai. Shin kwastoma ɗaya ne mai adireshi biyu, ko kwastoma biyu ne?

Malama Hadiza:
Wannan tambaya ce ta mai shago kafin ta zama ta tebur. Ka tambaye shi: idan shagon farko ya ƙi biya, zai hana na biyu kaya? Idan ya ce e, kwastoma ɗaya ne. Idan ya ce a'a, ka ba kowanne lambarsa.

Mamman:
Ina jin amsar da zai ba ka ita ce ya danganta da wane Alhaji ne, don haka ka tafi da sunayen 11 ɗin a rubuce, ku bi su ɗaya bayan ɗaya.